Satifiket ɗin ajiya mai wa'adi: tambayoyi da amsoshi kan abin da za ka duba kafin ka adana shi

Idan ka kulle kuɗi a banki na wani ƙayyadadden lokaci, wato abin da takardun banki ke kira `Fixed Deposit` ko `Term Deposit`, za a ba ka takardar shaida. Wasu bankunan suna buga ta su miƙa maka hannu da hannu, wasu kuma su turo ta imel. Yawancin mutane ninke ta suke yi su sa a ƙasan akwati, ba za su sake waiwayarta ba sai ranar karɓar kuɗi, alhali a ranar da aka ba ka ita ne gyara yake da sauƙi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi bankunan Najeriya. Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: wata malamar firamare ce ta yi ritaya, ta ware naira miliyan 3 daga giratutinta, ta kulle na kwana 90 a kan kashi 14 cikin ɗari. Alƙaluman na misali ne kawai, domin farashin kuɗin ruwa yana hawa yana sauka.

Da me zan fara idan takardar ta zo hannuna?

Ka fara da sunanka da lambar asusunka. Sunan ya zo daidai da yadda yake a BVN ɗinka, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, amma a kwamfutar banki ba haka ba ne, kuma irin wannan saɓanin yakan tashi ne a lokacin da ba a so, musamman idan magada ne suka zo karɓa.

Daga nan sai ka ajiye abubuwa uku a gabanka: satifiket ɗin, da kwafin takardar umarnin da ka sa wa hannu lokacin da ka nemi a kulle kuɗin, da alat ko bayanin asusunka da ke nuna an cire kuɗin. Duba satifiket shi kaɗai ba ya nuna kuskure, sai an gwada shi da sauran biyun. Idan ba ka riƙe kwafin umarninka ba, ka koma reshen ka nema, kuma ka tabbata akwai hatimin karɓa da kwanan wata a jikinsa.

Ta yaya zan tabbatar uwar kuɗin daidai take?

Layin da aka rubuta `Principal` ko `Amount` shi ne uwar kuɗi. Ka ƙirga sifirorin da yatsa, kada ka yarda da kallo ɗaya, domin 300,000 da 3,000,000 ba su da wuyar rikita ido idan babu waƙafi a tsakani. Idan an rubuta adadin da kalmomi a ƙasa, ka ga ko ya yi daidai da na lambobi. Sannan adadin ya zama shi ne ainihin abin da aka cire daga asusunka, babu ragin ko kwabo. Ba a cire haraji daga uwar kuɗi, a kan kuɗin ruwa kaɗai ake cire shi.

Ni wata uku na ce, amma sun rubuta kwana 90. Ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma banki da kwanaki yake lissafi. Layin `Tenor` zai nuna adadin kwanaki, galibi 30, 60, 90, 180 ko 365. Malamar nan da aka fara ƙirga mata ranar Litinin 3 ga Maris 2025, a ranta tana jiran 3 ga Yuni, tunda wata uku ke nan. Amma idan ka ƙirga, kwana 28 ya rage a Maris, Afrilu 30, Mayu 31, jimla 89, sai kwana ɗaya a Yuni. Wa'adinta ya cika ranar 1 ga Yuni, ba 3 ga wata ba.

Akwai kuma wani abu da ya ɓuya a cikin wannan ranar: 1 ga Yuni 2025 Lahadi ce. Kwana 90 sati 12 ne da kwana 6, don haka duk ajiyar da aka fara ranar Litinin, Lahadi za ta faɗa. Shi ya sa za ka ga wasu jami'an banki suna ba da shawarar kwana 91, wanda yake sati 13 cif, idan ranar Litinin aka fara, ranar Litinin za a gama. Idan taka ta faɗa a ƙarshen mako ko ranar hutun gwamnati, ka tambaya tun yanzu: ranar za a saka kuɗin, ko sai ranar aiki ta gaba? Idan sai ranar aiki ta gaba, za a biya kuɗin ruwan kwanakin da suka ƙaru? Bankuna sun bambanta a nan, don haka amsar bankinka ce take aiki a kanka.

Akwai kwanan wata har uku a takardar. Wanne ne mai muhimmanci?

Yawanci za ka ga ranar da aka buga takardar, da `Value Date`, da `Maturity Date`. Ta farkon ba ta da wani tasiri a aljihunka. `Value Date` ita ce ranar da kuɗin ruwa ya fara hawa, `Maturity Date` kuma ranar cikar wa'adi. Tazarar da ke tsakanin biyun nan dole ta yi daidai da adadin kwanakin da ke layin `Tenor`. Ka ɗauki kalanda ka ƙirga da kanka, kana farawa daga washegarin ranar farawa.

Inda ake yawan samun matsala shi ne ranar farawar. Mu ce malamar ta sa hannu ranar Alhamis 27 ga Fabrairu, an cire kuɗin daga asusunta a ranar, amma jami'in bai shigar da ajiyar ba sai Litinin 3 ga Maris. Kwana 4 ke nan kuɗinta yana hannun banki ba ya haifar mata komai. A kan miliyan 3 da kashi 14, kowace rana tana kawo kusan naira 1,151, wato ta yi asarar wajen naira 4,600 kafin a cire haraji. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma haƙƙinta ne, kuma idan miliyan 30 ce sai a ninka sau goma. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ranar da alat ya nuna an cire kuɗin, ita ya kamata ta zama ranar farawa. Idan sun saɓa, ka rubuta wa banki ka nemi a mayar da ranar baya.

An ce mini kashi 14. Ke nan naira 420,000 zan samu a kan miliyan 3?

A'a, kuma wannan ita ce fahimtar da ta fi jawo cacar baki a gaban kanta. Kashin da aka rubuta na shekara guda ne. Za ka ga `p.a.` ko `per annum` a gefensa. Naira 420,000 ita ce abin da miliyan 3 za ta haifar idan ta kwana 365 a kulle. Wanda ya ajiye na kwana 90, rabon kwana 90 zai samu. Ga yadda ake lissafin:

```
kuɗin ruwa = uwar kuɗi × kashi ÷ 100 × kwanaki ÷ 365
3,000,000 × 14 ÷ 100 × 90 ÷ 365 = 103,561.64
```

Wannan ma ba shi ne zai shiga asusu ba. Banki yana cire harajin gwamnati na kashi 10 cikin ɗari daga kuɗin ruwan tun kafin ya biya ka, kuma a takarda ko a alat yakan fito da sunan `WHT`. Kashi 10 na 103,561.64 shi ne 10,356.16, saura 93,205.48. Don haka abin da malamar za ta gani ranar cikar wa'adi shi ne naira 3,093,205.48. Wanda ya sa rai da 420,000 ya ga 93,000, dole ya ɗauka an cuce shi, alhali lissafin daidai yake.

Ka yi wannan lissafin a wayarka tun kana zaune a gaban jami'in. Idan takardar ta nuna adadin kuɗin ruwan, ka duba ko na kafin haraji ne, wanda ake rubutawa `Gross`, ko na bayan haraji, wato `Net`. Idan lissafinka da nasu sun bambanta da 'yan kwabbai ko 'yan nairori, ba abin damuwa ba ne. Idan bambancin ya kai dubbai, to ɗaya daga cikin ukun nan ba daidai yake ba: kashin, ko kwanakin, ko uwar kuɗin.

Jami'in ya yi mini alkawarin kashi 14 da baki, amma takardar ta nuna 12. Wanne za a bi?

Abin da ke takarda da kwamfutar banki za a bi. A ajiya mai wa'adi ana yin ciniki, musamman idan kuɗin yana da kauri, kuma sau da yawa jami'in da ke hulɗa da kai ba shi ne mai ikon amincewa da farashi na musamman ba, sai ya nemi izini daga sama. Idan izinin bai zo ba, ko ya manta bai nema ba, sai a shigar da ajiyar a kan farashin kowa da kowa. A misalinmu, kashi 12 zai ba da naira 88,767 maimakon 103,562, giɓin kusan naira 14,800.

Maganin abin tun farko shi ne ka rubuta kashin da kuka daidaita a cikin takardar umarninka, ko ka sa jami'in ya turo maka shi a rubuce, ko da saƙon waya ne. Da wannan shaidar a hannu, gyara a satin farko ba ya wahala. Idan kuwa ka bari sai bayan kwana 90, wataƙila an canza wa jami'in reshe, kai kuma ba ka da abin nunawa sai "ai ya ce mini".

Me ake nufi da umarnin biya, kuma me ya sa ake cewa a fi kula da shi?

A ganina wannan layin ne ya fi kowanne cin kuɗin mutane, kuma shi ne aka fi tsallakewa, don yakan zo can ƙasa da ƙananan haruffa. Sunansa `Maturity Instruction` ko wani abu makamancin haka, kuma yana faɗin abin da banki zai yi da kuɗinka ranar da wa'adi ya cika ba tare da ya sake tambayarka ba. Zaɓin yawanci uku ne. Ko a kwance ajiyar a zuba uwar kuɗi da kuɗin ruwa a asusunka, wanda ake rubutawa `Liquidate` ko `Terminate`. Ko a sake kulle uwar kuɗin a biya ka kuɗin ruwan kaɗai. Ko a haɗa duka biyun a sake kullewa, wato `Rollover Principal and Interest`.

Mu koma wurin malamar. Ta zaɓi kwana 90 ne don ta san a farkon Yuni za ta sayi taki ta kuma gyara rufin ɗaki kafin damina ta kankama. Da baki ta gaya wa jami'in haka, amma a fom ɗin ba a cika gurbin umarnin ba, bankin kuma tsarinsa shi ne duk ajiyar da ba ta da umarni a sake kulle ta. Ranar Litinin 2 ga Yuni ta jira alat, shiru. Ta je reshe ranar Laraba aka ce mata, "Hajiya, ai kuɗinki ya sake shiga wani kwana 90." Yanzu ko ta jira har ƙarshen Agusta, lokacin da taki ya gama amfani, ko ta fasa ajiyar ta bi sharuɗɗan fasawa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: sabunta ajiya ba ya nufin an sabunta farashin da ka yi ciniki. Kashi 14 na zagayen farko ne kawai. Zagaye na biyu yakan tafi a kan farashin da banki yake bayarwa a ranar, wanda zai iya zama ƙasa sosai. Idan aka sake kulle 3,093,205 ɗin malamar a kan kashi 9, kwana 90 zai ba ta wajen naira 68,600, maimakon 106,800 da za ta samu a kan 14. Ta rasa kusan naira 38,000 ba tare da kowa ya karya wata doka ba. Wanda ya bar kuɗi yana ta juyawa shekara biyu ko uku bai leƙa ba, yana iya tarar da cewa tun zagaye na biyu farashin ya faɗi.

Saboda haka, ko da niyyarka ka ci gaba da ajiyar, ka sa wa wayarka tuni sati ɗaya kafin ranar cikar wa'adi. Ka kira ko ka je, ku sake ciniki, ka ba da sabon umarni a rubuce, sannan ka karɓi sabon satifiket na sabon zagayen. Tsohon ba ya nuna sabon farashi ko sabuwar rana.

Wane asusu za a zuba kuɗin?

Wanda aka rubuta a takardar. Ka karanta lambobin goma ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata asusunka ne kuma yana aiki. Idan asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba har ya kwanta, ko kuma ƙaramin asusu ne mai iyakar abin da zai iya ɗauka, ka gyara wannan kafin ranar.

Ka duba kuma yaushe ake biyan kuɗin ruwan. Galibi a ƙarshe ne, amma akwai tsarin da ake biya tun a farko, akwai na wata-wata. Wanda aka ba shi nasa tun ranar farko, uwar kuɗinsa kawai zai gani a ƙarshe.

Idan buƙata ta taso kafin wa'adi ya cika fa?

Za a iya fasa ajiyar, amma da tara. Ka nemi sharaɗin a bayan takardar ko a fom ɗin da ka cika. Wasu bankunan suna yanke wani kaso na kuɗin ruwan da ya taru, wasu su mayar da lissafin kan farashi mafi ƙanƙanta, wasu kuma ba sa biyan komai idan an fasa da wuri sosai. Mu ce sharaɗin malamar yankan kashi 25 ne, ta fasa a kwana na 50. Abin da ya taru naira 57,534 ne, a yanke 14,384, saura 43,150, a cire haraji, ta tashi da kusan naira 38,800 a kan uwar kuɗinta. Tambayar da za ka yi wa jami'in kai tsaye ita ce ko tarar tana iya taɓa uwar kuɗi. Idan ba a rubuta sharaɗin fasawa a ko'ina ba, ka nemi a ba ka shi a rubuce.

Idan ka ga kalmar `Lien` a takardar, an jinginar da ajiyar ke nan, galibi don ka ci bashi da ita ko ka tsaya wa wani. Ba za ka iya taɓa kuɗin ba sai an sauke wannan nauyin, ko da wa'adi ya cika.

Ta yaya zan san takardar ta gaskiya ce?

Takarda mai tambarin banki ba ta da wuyar bugawa. Abin da ke tabbatar da ajiya shi ne kasancewarta a kwamfutar bankin da sunanka. Kowace ajiya tana da lambarta, wadda za ka gani a layin `Reference` ko `Deal Number`. Ka duba manhajar bankin a wayarka ko ajiyar ta bayyana, ko ka kira layin kula da abokan hulɗa, ko ka shiga wani reshe daban ka ba da lambar a duba maka. Ina fifita reshe daban, don idan matsalar daga wanda ya ba ka takardar take, tambayarsa ba za ta warware komai ba.

Alamomin da ya kamata su tsayar da kai ba ɓoyayyu ba ne. An ce ka tura kuɗin zuwa asusun wani mutum ko wani kamfani maimakon a cire daga naka. An karɓi tsabar kuɗi a hannunka a gida ko a shago ba tare da ya fara shiga asusunka ba. An ba ka farashin da ya zarce na sauran bankuna nesa ba kusa ba, aka kuma ce kada ka gaya wa kowa.

Idan bankin ya durƙushe, satifiket ɗin zai yi mini amfani?

Zai yi, a matsayin shaida. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga iyakar abin da take biya a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Iyakar ta mutum ɗaya ce a banki ɗaya, ana haɗa duk asusunsa ne a lissafa. Malamarmu da miliyan 3 tana cikin iyaka a bankin kasuwanci, amma da a ƙaramin banki ta ajiye, miliyan 1 da 'yan kai na waje, sai an sayar da kadarorin bankin a ga abin da zai samu. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, da BVN aka bi sawun masu ajiya da yawa aka biya su ta asusunsu na wasu bankuna, abin da ya sa daidaiton suna da muka fara da shi ba wasa ba ne. Ka kuma duba sunan wanda ya ba da takardar. Idan kamfanin zuba jari ne ba banki mai karɓar ajiya ba, inshorar NDIC ba ta shafe shi ba, ko da sunansa ya yi kama da na banki.

Ni ba na mu'amala da kuɗin ruwa. Takardar bankin Musulunci ita ma haka ake duba ta?

Uwar kuɗi, kwanaki, ranar farawa, ranar cikar wa'adi da umarnin biya duk haka za ka duba su a bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus. Bambancin yana layin riba. A ajiyar mudaraba kai ne mai jari, banki ne mai juyawa, kuma abin da aka ƙulla shi ne kason rabon riba, misali 60 naka 40 na banki. Wannan kason shi za ka tabbatar an rubuta kamar yadda kuka yi. Idan ka ga wani kashi cikin ɗari a takardar tare da kalmar `Expected` ko `Indicative`, hasashe ne na abin da ake sa ran samu, ba alkawari ba, don haka abin da zai shigo yana iya ɗara shi ko ya gaza. Ka karanta sharaɗin fasawa da kyau, ka kuma tambayi yadda ake lissafa ribar wanda ya janye a tsakiyar wata.

Na ga kuskure. Ina zan kai ƙorafi?

Ka rubuta wa manajan reshen gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da lambar ajiyar, da abin da aka rubuta, da abin da ya kamata a rubuta. Ka haɗa da kwafin satifiket da na umarninka da na alat, ka riƙe na asali a hannunka. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka nemi lambar bin sawun ƙorafin. Idan an gyara, kada ka karɓi gyaran biro a kan tsohuwar takarda, a buga maka sabuwa, ka sake duba ta daga sama har ƙasa, don wani lokaci garin gyara kashi sai a taɓa kwanan wata. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, sai ka kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin wasiƙarka mai hatimi da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka.